Ciwon nonon mai shayarwa: yadda za ki bambance kumburi da ƙurji, da lokacin zuwa asibiti

Masu jego da iyayensu suna yawan yi mini tambaya iri ɗaya: nono ya kumbura, ya yi zafi, ruwansa ya canja, to a ci gaba da ba jariri ko a dakata? A tafi asibiti yau ko a jira? Amsar tana rataye ne a kan abin da hannu ya ji a cikin nonon, da kuma awa nawa aka yi ana fama ba sauƙi. Ga yadda ake bi daga lokacin da kika fara jin ciwon.

1. Duba da ido, amma ki fi yarda da hannu

Ki wanke hannu da sabulu, ki cire riga, ki tsaya gaban madubi inda akwai hasken rana, ki kwatanta nonon biyu. Mafi yawanmu baƙaƙen fata ne, saboda haka jan da ake ta faɗa ba lallai ya fito fili ba. Abin da za ki gani shi ne wani yanki ya ƙara duhu, ko yana ƙyalli saboda fatar ta ɗame. Mata da yawa sun zauna kwana uku suna cewa ai bai yi ja ba, alhali ciwon yana ci a ciki.

Ki ɗora bayan hannu a kan wannan nono, sannan a kan wancan, ki ji wanne ya fi ɗumi. Daga nan ki bi nonon da cikin yatsu uku a hankali, daga hammata zuwa kan nono, ki gano inda taurin ya fara da inda ya ƙare. Ki ɗauki biro ki zagaye bakin wurin a kan fatar, ki kuma lura da ƙarfe nawa ne. Wannan zanen shi zai gaya miki gobe ko ciwon ya ja baya ko ya tsallake iyaka, domin ido da tunani suna ruɗin mutum idan yana cikin zafi.

In akwai ma'aunin zafin jiki a gida, a auna. Kada ki sa shi a hammatar ɓangaren da ke ciwo, domin ɗumin nonon zai ƙara masa lamba. Ki sa a ɗaya hammatar ko a ƙarƙashin harshe.

2. Raba abu uku da ake haɗawa wuri ɗaya

Na farko cikar nono ce. Tana zuwa tsakanin kwana na 3 zuwa na 5 bayan haihuwa, lokacin da ruwan nono ya sauko da ƙarfi. Nonon biyu ne ke cika tare, su yi nauyi, su yi tauri ko'ina. Jiki na iya ɗan yin ɗumi, amma ba ya kwantar da mace, kuma da jariri ya sha sai a ji sauƙi.

Na biyu shi ne kumburin nono. Wannan galibi nono ɗaya yake kamawa, kuma yanki ɗaya na nonon, yawanci mai faɗi ta wajen hammata yana tsukewa zuwa kan nono. Wurin yana da tauri da ɗumi da zogi. Sau da yawa zazzaɓi kan biyo baya, ya kai digiri 38.5 ko fiye, da rawar ɗari da ciwon gaɓoɓi da ciwon kai. Ya fi faruwa a makonni shida na farko, wato daidai cikin kwanakin wankan jego, amma yana iya zuwa ko da wata nawa ne, musamman lokacin yaye. Asalinsa hanyoyin ruwan nono ne ke matsewa saboda naman da ke kewaye da su ya kumbura. A wannan matakin ba lallai a ce ƙwayar cuta ta shiga ba, shi ya sa wasu ke warkewa a gida. In ta shiga, galibi ta tsagewar kan nono take bi.

Na uku ƙurji ne, wato mugunya ta taru wuri ɗaya a cikin nonon ta yi wa kanta ɗaki. Ba ya faɗowa rana ɗaya. Kumburin da aka bari kwanaki, ko aka murza shi da ƙarfi, ko aka sha masa rabin magani, shi ke rikiɗa ya zama ƙurji. Alamarsa ƙullutu mai iyaka wanda ba ya raguwa ko jariri ya sha ya ƙoshi. Zoginsa yana bugawa tare da bugun zuciya, yana hana barci. In ka danna tsakiyarsa a hankali sai ka ji ya lotsa, akwai ruwa a ciki, gefensa kuwa da tauri. Fatar samansa takan yi laushi, ta yi ƙyalli, wani lokaci ta fara saɓulewa.

Gargaɗi a nan: ƙurjin da ya yi zurfi ba ya lotsawa, tauri kawai za ki ji. Kuma zazzaɓi yana iya sauka bayan mugunya ta taru, musamman ga wadda ta sha magani. Saukar zazzaɓi alhali ƙullutun yana nan yana girma ba warkewa ba ce.

Wani tarkon kuma namu ne na nan. Duk zazzaɓi da rawar ɗari a Zariya, musamman da damina, sunansa zazzaɓin cizon sauro. Sai a aika yaro kemis, a sha maganin kwana uku, ba wanda ya tambayi nono. Mai jego da ta yi zazzaɓi a yi mata gwajin jini na maleriya, amma a duba nono, a kuma tambayi jinin biƙi ko yana wari da ko mara na ciwo.

3. Karanta ruwan nonon

Ki tatsi kaɗan daga kowane ɓangare a cikin cokali mai tsabta daban-daban. Dakashi na kwanakin farko rawaya ne mai kauri, kuma shi ne kariyar jariri ta farko, ba abin zubarwa ba ne. Ruwan da ke fara fitowa a farkon shayarwa yakan yi tsinke-tsinke, na ƙarshe ya fi fari da maiƙo. Duk wannan lafiya ne.

Nonon da ya kumbura kuwa ruwansa yakan ragu, ya yi ɗanɗanon gishiri, domin kumburi yana buɗe wa gishirin jini hanya ya shiga cikin ruwan. Wannan ne dalilin da jariri kan kama ya saki, ya yi kuka, ya nemi ɗaya ɓangaren. A nan ne tsofaffi kan ce nono ya ɓaci, a ɗauko wuƙa a gasa a ɗiga a kai, ko a jefa ƙwaro a ciki a ga ko zai mutu. Ina girmama iyayenmu, amma wannan gwajin ba ya nuna komai, kuma ya raba jarirai da yawa da abincinsu ba gaira ba dalili. Ruwan mai gishiri ba ya cutar da jariri, ɗanɗanon zai koma daidai bayan kumburin ya sauka. Haka nan ɗan gudaji ko abu mai yauƙi kamar zare da ke fita yayin tatsa, maiƙon nono ne da ya daskare a hanya.

Jini kaɗan da ya sa ruwan ya yi ja-ja, yawanci daga tsagewar kan nono yake, kuma ana iya ci gaba da shayarwa yayin da ake gyara kamun jariri. Abin da ke buƙatar likita shi ne mugunya, ruwa mai kauri rawaya ko kore mai wari da ke fita ta kan nono, ko jinin da ke ɗigowa daga huda ɗaya kullum alhali babu tsagewa.

4. Awa 24 na farko a gida

Wannan matakin na wadda ciwonta sabo ne, tana iya ci da sha da tafiya, kuma babu ƙullutu mai lotsawa.

Ki ci gaba da shayarwa a nonon biyu duk lokacin da jariri ya nema, wajen sau 8 zuwa 12 a yini da dare ga sabon haihuwa. Dakatar da shayarwa farat ɗaya shi ne hanya mafi sauri zuwa ƙurji. Amma kuma kada ki ƙara a kan abin da yake sha, kina tatsa bayan kowace shayarwa wai sai nonon ya zama wayam. Nono ba ya ƙarewa, gwargwadon abin da aka cire gwargwadon abin da zai sake samarwa, sai cunkoson ya ƙaru a wurin da ya riga ya matse. In jariri ya ƙi ɓangaren, ki tatsa da hannu daidai yadda za ki ji nauyin ya ragu: babban yatsa a sama, manuni a ƙasa, a bakin baƙin da ke kewaye da kan nono, ki tura su baya wajen ƙirji sannan ki haɗa su a hankali ki saki. Kada ki ja kan nonon.

Ki duba kamun jariri, domin daga nan yawancin matsalar ke tasowa. Cikinsa ya fuskanci cikinki, bakinsa ya buɗe sosai, haɓarsa ta taɓa nono, leɓen ƙasa ya juyo waje, kuma ya haɗa da baƙin nonon a baki. In kan nono kaɗai yake tsotsa, zai tsaga shi kuma ba zai janyo ruwa sosai ba. In kina jin zafi tun daga farko har ƙarshen shayarwa, ki sa ɗan ƙaramin yatsa a gefen bakinsa ki cire shi, ki sake ɗora shi.

Bayan kowace shayarwa ki ɗora sanyi a wurin na minti goma. Ledar ruwan sha mai sanyi da aka naɗe da ƙyalle mai tsabta ta isa. In babu wuta, tsumma mai tsabta da ruwan randa. Kada ƙanƙara ta taɓa fata kai tsaye.

Gargaɗi mafi girma a wannan matakin shi ne gashi da murza. Lokacin wankan jego, a roƙi mai yi miki wanka, ko Inna ce ko ungozoma, ta ƙyale nonon da ke ciwo: ba fyaɗa ganye da tafasasshen ruwa a kansa, ba danna tsumma mai zafi, ba matsa ƙullutu da gwiwar yatsa wai a fasa shi. Zafi yana ƙara kwararo jini zuwa wurin, kumburin ya ƙaru, murza kuma tana ragargaza naman ciki ta shirya wa mugunya wurin zama. Abin da aka yarda da shi shafa ce mai sauƙi ƙwarai a saman fata, daga wajen kan nono zuwa hammata. Kada a shafa man zafi, ko kanwa, ko toka, ko wani haɗin gargajiya, musamman a kan nono inda bakin jariri zai taɓa.

Don zogi da zazzaɓi, farasitamol giram ɗaya, wato ƙwaya biyu masu miligiram 500, duk bayan awa 6 zuwa 8, kada a wuce ƙwaya takwas a awa 24. Ibufurofen miligiram 400 bayan cin abinci duk awa 8 ya fi shi sauke kumburi, kuma dukansu ba sa hana shayarwa. Amma mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da wadda jininta ya hau lokacin ciki ko haihuwa, kada su sha ibufurofen sai sun tambayi likita.

Ki sassauta rigar mama, ki lura da ɗaurin zanen goyo kada ya danne nonon. Ki sha ruwa, ki kwanta. Wannan saƙon na maigida ne da mutanen gida: mai kumburin nono marar lafiya ce, a ɗauke mata girki da wanki na kwana biyu.

5. Lokacin da jira ya ƙare

In awa 24 ta cika kina yin duk abin da ke sama amma zazzaɓi bai sauka ba, ko ciwon ya tsallake zanen biro, ki tafi asibiti a ranar. In babu zazzaɓi amma taurin bai ragu ba bayan kwana biyu, nan ma tafiya ta kama.

Akwai waɗanda ba su da wannan jiran kwata-kwata. Wadda ta ji ƙullutu mai lotsawa, ko ta ga mugunya, ko nonon biyu suka kama da zazzaɓi tare. Wadda ke amai ba ta riƙe ruwa, ko jiri na ɗibarta in ta miƙe, ko numfashinta ya yi sauri, ko ta fara sambatu. Wadda fatar nononta ta fara yin baƙi ko bororo. Waɗannan ko tsakar dare ne a nufi sashen gaggawa. Mai ciwon suga, da mai sikila, da wadda kan nononta ya tsage ga kuma zazzaɓi, su ma su je tun ranar farko. Mai ɗauke da ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki tana da nata hukunci daban: ta dakatar da shayarwa a ɓangaren da ke ciwo, ta riƙa tatsa tana zubarwa, ta ci gaba da ɗaya ɓangaren, ta kuma je wurin da take karɓar magani a ranar.

A duba jariri shi ma. In ya wuce kwana biyar da haihuwa amma ba ya fitsari kamar sau shida a yini da dare, ko jikinsa ya yi zafi, ko ya ƙi nonon biyu, a tafi da shi nan take.

Kumburi ba tare da ƙullutu ba, asibitin shan magani na unguwa zai iya kula da shi. In ana zargin ƙurji, gara a wuce inda ake hoton sikanin kuma akwai likitan tiyata, kamar Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ki tafi da jaririnki, da katin awo, da kwalayen duk maganin da kika riga kika sha.

6. Abin da za a yi miki a can

Ga kumburin da ƙwayar cuta ta shiga, likita zai rubuta antibayotik da ke kashe irin ƙwayar da ke zaune a fata, wadda ita ce kan gaba a wannan ciwon. An fi amfani da kulokzasilin ko fulukulokzasilin ko sefaleksin, miligiram 500 sau huɗu a yini, na kwana 10 zuwa 14. Duka ana shayarwa da su. In finisilin ya taɓa sa miki ƙuraje ko kumburin fuska, ki faɗa kafin a rubuta.

Kuskuren da na fi gani shi ne sayen amfikulos a kemis, ƙwaya shida ko takwas, a sha safe da yamma. Kowane kafso rabinsa amfisilin ne, wanda wannan ƙwayar cutar ta daɗe da daina jin tsoronsa, rabin da ke aiki kuwa miligiram 250 ne kacal. Sai zazzaɓi ya lafa, a ajiye magani, mugunya kuma ta ci gaba da taruwa a ɓoye. Maganin da ya dace ya kamata ya nuna aikinsa cikin awa 48. In bai nuna ba, ki koma, kada ki jira ya ƙare.

Ga ƙurji kuwa, magani kaɗai ba ya isa, domin ba ya ratsa tarin mugunya. Dole a fitar da ita. Sikanin zai nuna inda take da girmanta. In ƙarama ce, a kan kashe zafin wurin a zuƙe ta da allura da sirinji, a sallame ki a ranar, ko da yake ana iya maimaitawa sau biyu ko uku a tsakanin kwanaki. In ta yi girma, kamar fiye da santimita 5, ko ta rabu ɗaki-ɗaki, ko fatar ta kusa fashewa, sai a tsaga a wanke, a riƙa canja bandeji har ta cike daga ciki. Ki roƙi a kai mugunyar ɗakin gwaji, sakamakon yakan fito cikin kwana biyu zuwa uku, shi zai nuna maganin da ya dace da ita.

Kada a kai wa wanzami ya yi sakiya. Nono ba ƙafa ba ne, cike yake da hanyoyin ruwa, kuma hudar da aka yi a makance tana barin mugunyar da ke zurfi, ta yanke hanya, ta ƙara shigar da cuta.

Batun kuɗi, farashi yana canjawa kusan kowane wata, saboda haka a tambaya a wurin biya tun kafin a fara. Abin da ba ya canjawa shi ne tsarin hawansa. Wadda ta je da kumburi, kati da magani za ta biya. Wadda ta je da ƙaramin ƙurji, an ƙara mata sikanin da gwajin mugunya da kayan zuƙa. Wadda ta bari ya girma, ga kuɗin tiyata da gado da zirga-zirgar wankin ciwo na makonni. Mai rajistar inshorar lafiya ta jiha ko ta tarayya ta tafi da katinta.

7. Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauka mai jego ce a Tudun Jukun, haihuwar fari, mako uku. Kan nononta na dama ya tsage, sai ta riƙa kauce masa tana ba da na hagu. Ranar Litinin da la'asar ta ji tauri a saman na daman wajen hammata, da dare rawar ɗari ta kama ta, ma'auni ya nuna 38.7. Tun da akwai tsagewa ga zazzaɓi, wannan ba ta jiran awa 24. Daren nan ta sha farasitamol, ta ɗora sanyi, ta shayar a ɓangaren biyu, Talata da safe ta tafi asibiti. An yi gwajin maleriya ba a samu ba, nas ta gyara mata kamun jariri, aka rubuta kulokzasilin na kwana goma. Zuwa Alhamis zazzaɓi ya tafi, taurin ya koma cikin zanen biro. Ta shanye maganin duk da ta ji sauƙi.

Da a ce ta sha maganin maleriya ne, aka gasa nonon a wurin wanka, aka hana jariri ɓangaren saboda gishiri, to kafin mako ya zagayo abin da za a tarar ƙullutu ne mai bugawa, tsakiyarsa na lotsawa, zazzaɓi na zuwa yana komawa. Hanyarta ta zama sikanin da allura, ko tsagawa.

8. Bayan magani

Bayan an zuƙe ko an tsaga, ana ci gaba da shayarwa a ɗaya nonon ba tsayawa, a mai ciwon ma haka, muddin bakin jariri ba zai taɓa raunin ba kuma mugunya ba ta fita ta kan nono. In hakan bai samu ba, ki riƙa tatsar ɓangaren kina zubarwa har ya tsarkaka. Ruwan nono na iya tsattsafowa ta raunin, kada ki tsorata, yana rufewa da kansa yayin da yake warkewa. Ruwan wannan ɓangaren zai ragu na ɗan lokaci sannan ya dawo.

Ki koma a sake dubawa in maganin ya ƙare amma ƙullutu ko duhun fatar yana nan, ko ciwon ya dawo a wuri guda karo na biyu ko na uku. Haka kuma in fatar nonon ta yi kauri da ƙananan ramuka kamar ɓawon lemo, ko kan nono ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, ko kaluluwar hammata ta yi tauri ba ta sauka. Akwai wani nau'in sankarar mama da ke zuwa da kumburi da ja, sau da yawa ba tare da zazzaɓi ba, kuma shayarwa ba ta hana shi faruwa. Ba shi da yawa, amma antibayotik ba ya taɓa shi. A irin wannan hali kada a sake zagayen magani na biyu da na uku a kemis, a nemi sikanin a Shika, in likita ya ce a ɗebi ɗan naman wurin a gwada, a amince.